Saƙon godiya bayan intabiyu: layi huɗu sun isa

Ƙannena masu gama bautar ƙasa kuna zagaye ofisoshi da fayil a hammata, in kun fito daga intabiyu ku tura saƙon godiya, amma don Allah kar ku tura irin wanda na taɓa turawa.

Aikin magatakardan sito na nema a wani kamfanin raba kayan masarufi da ke Kakuri a Kaduna. Da na dawo gida sai na zauna na zuba rubutu kusan shafi guda, na fara da yabon kamfanin, na sake jero makarantun da na yi tun daga firamare, na ce ni mai gaskiya ne da riƙon amana, a ƙarshe har da "ku taimaka min ina da iyaye tsofaffi". Sai da sati ya kusa zagayowa na tura, kuma zuwa imel ɗin kamfani na kowa da kowa, wanda Allah kaɗai ya san mai buɗe shi. Shiru kake ji. Ban ce saƙon ne ya hana ni aikin ba fa, sai dai babu kalma ɗaya a ciki da za ta tuna wa manajan wane ne ni cikin mutanen da ya gani ranar.

Ga yadda za ka gane naka ya lalace: cire sunan kamfanin ka sa na wani. In har saƙon ya zauna daram, to ba ka ce komai ba, goge shi.

Aikin tun a bakin get yake farawa. Kafin ka hau keke napep, buɗe waya ka rubuta sunan wanda ya jagoranci tambayoyin da muƙaminsa, da matsala ɗaya da suka ambata da bakinsu, sai tambayar da ka san ka yi kame-kame a kanta. Kafin ka kai Kawo a cunkoson yamma wallahi rabi ya gudu daga kanka.

Da na sake samun dama a wani wurin, shugabar sashen ta yi ƙorafi cewa duk ƙarshen wata abin da ke littafi daban, kayan da ke kan kantar sito daban, ta tambaye ni ya zan yi, ni kuma na tsaya ina ta zagaye-zagaye. Da daddare na tura mata wannan, da Turanci na rubuta tunda da shi aka yi hirar, amma ga abin da ya ƙunsa:

"Hajiya, na gode da lokacin da kuka ba ni yau kan aikin magatakardan sito. Na ci gaba da tunanin bambancin littafi da kanta da kuka ambata, amsar da na bayar ba ta cika ba. Da ni ne, zan riƙa ƙirga kayan da suka fi saurin fita kowane sati in gwada da katin kaya, ta haka in an samu giɓi za a san satin da ya faru, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Ina son aikin, kuma a shirye nake in akwai ƙarin takardar da kuke buƙata."

Shi ke nan, sai cikakken sunana da lambar waya a ƙasa. Jimla ta uku ce ke ɗauke da nauyin, ita ce za ta sa ta ce au, yaron nan ne. Kuma lura, ban ce zan magance musu matsalar gaba ɗaya ba, ban san sitonsu ba ai, abu ɗaya ƙarami na faɗa wanda in ta kira ni gobe zan iya kare shi. Kar ka ƙirƙiro abin da ba a faɗa a ɗakin ba don saƙo ya yi kyau, ta fi ka tuna abin da ta ce.

Ka tura cikin awa 24, ta hanyar amsa imel ɗin da suka gayyace ka da shi, don ya faɗa hannun mai ruwa da tsaki. WhatsApp sai in ta nan suka neme ka tun farko, kuma rubutu, ba saƙon murya ba. Duba sunan mutum sau biyu, Hauwa ba Hawwa ba in haka ta rubuta nata. Maganar albashi ba nan ne wurinta ba.

Aikin gwamnati kuwa, inda kwamiti ke tantance ɗaruruwan mutane da maki, ni a ganina ka bar shi kawai. Neman lambar ɗan kwamiti ta bayan gida don ka gode masa, kamun ƙafa za a ɗauke shi. In kuma ka tura a kamfani ba a amsa ba, ka bari ranar da suka ce za su sanar ta wuce tukuna, sannan ka tambaya sau ɗaya a layi biyu.