Yadda na gano shafin ɗaukar ma'aikata na bogi kafin a cike fom

Ina da shagon kwamfuta a unguwarmu, inda ake buga takardu a kuma cike wa mutane fom a intanet. Wata rana wata Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo da wayarta a hannu, ta ce mini: "Ɗana, ga wannan an turo a gurup ɗinmu na Islamiyya, wai babban kamfanin nan yana ɗaukar ma'aikata. Ka cike wa ƙaninka, ya gama bautar ƙasa yana zaune." Kamfanin kuwa sananne ne, babu wanda bai san tambarinsa ba a Arewa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba shi da hannu a lamarin, sunansa kawai aka ara.

Da na buɗe shafin, babu abin da ido zai ƙi. Tambarin daidai yake, launukan su ne, har da hoton shugaban kamfanin da hoton masana'anta. Wannan bai sa na saki jiki ba, domin kwafe fuskar shafi ba aiki ba ne mai wuya. Duk hoton da ke shafin gaskiya ana iya sauke shi, kuma akwai manhajojin da ke kwashe shafi ɗungurungum cikin ɗan lokaci. Abin da mai kwaikwayo ba zai iya ɗauka ba shi ne adireshin kamfanin, saboda haka can na fara dubawa.

Abin da aka turo wa Hajiya gajeren linki ne na `bit.ly`, wanda ke ɓoye inda zai kai mutum. Irin wannan, idan aka ƙara alamar `+` a ƙarshensa, ana iya ganin inda ya dosa ba tare da an shiga ba. Tunda na riga na shiga, sai na taɓa layin adireshi a saman burauza don ya fito gaba ɗaya, domin allon waya ƙarami ne, yakan yanke wani ɓangare. Ga fasalin abin da na gani, na sauya sunayen ne kawai:

```
https://kamfani.com.ng.daukar-aiki-portal.xyz/apply
```

Yawancin mutane suna karantawa daga hagu, da zarar sun ga sunan kamfani da `.com.ng` sai su tsaya. Amma ba daga nan ake gane mai shafi ba. Bayan `https://`, sai a nemi layin karkace na farko, wato `/`, a tsaya a kansa, sannan a dawo baya. Guntaye biyu da ke dab da shi su ne asalin sunan da aka yi wa rajista. A nan `daukar-aiki-portal.xyz` ne. Duk abin da ke hagu da shi, mai shafin ne ya rubuta da hannunsa, kuma yana da ikon rubuta sunan kowane banki ko kamfani a wurin ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Idan adireshin ya ƙare da `.com.ng` ko `.org.ng`, to guntaye uku ake ɗauka. Wato `careers.kamfani.com.ng/` na kamfanin ne, amma `kamfani.com.ng.wani-abu.xyz/` na wani ne daban. Haka nan `kamfani-careers.com` suna ne mai zaman kansa. Ƙaramin layin `-` da ke tsakiya bai haɗa shi da kamfanin ba, kowa na iya sayensa.

Wani lokaci kuma ba tsawo ake ƙara wa sunan ba, harafi ɗaya ake musanyawa. Tun a shekarar 2000 aka yi wa kamfanin biyan kuɗi ta intanet na PayPal haka: aka sa babban harafin `I` a madadin ƙaramin `l` na ƙarshe, kuma a salon rubutu da yawa ba a bambance su. Ana haɗa `r` da `n` su yi kama da `m`, ana sa sifiri a gurbin `o`. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik, irin waɗanda ake rubuta Rashanci da su, wanda wasu burauzoji suka nuna shi tamkar `apple.com`, alhali asalinsa `xn--80ak6aa92e.com` ne. Chrome ya gyara wannan daga baya, amma har yau idan na ga adireshin da ya fara da `xn--` yana kiran kansa sanannen kamfani, rufe shi nake yi.

Hajiya ta leƙo ta ce: "To ai ƙaninka ya ce akwai kwaɗo a sama, wai an ce in akwai kwaɗo babu matsala." Na ce mata: "Hajiya, ɓarawo ma yana iya sayen kwaɗo ya sa wa ƙofarsa." Wannan magana ta kwaɗo ta daɗe tana cutar da mutane, kuma tana damuna, domin masu wayar da kai ne suka koyar da ita da kyakkyawar niyya. Abin da alamar ke nufi kawai shi ne, bayanin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin a lulluɓe yake, wani a hanya ba zai karanta ba. Ba ta ce komai game da wanda ke karɓar bayanin a ɗaya ɓangaren ba. Tun daga 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ke bayar da satifiket ɗin da ke kawo wannan alamar kyauta, ga duk wanda ya nuna cewa sunan shafin yana hannunsa. Shi ya sa a 2023 Chrome ya cire hoton kwaɗon ya sa wata alama daban, don mutane suna ɗaukarsa shaidar amana. Rashin `https` a shafin da ke neman bayananka alamar haɗari ce, amma samunsa ba ya wanke kowa.

Abu na biyu da na duba shi ne shekarun sunan. Na shiga `lookup.icann.org`, na rubuta asalin sunan kawai, ba tare da abin da ke hagu ko dama ba. Mai amfani da Linux yana iya yi da umarni ɗaya:

```
whois daukar-aiki-portal.xyz
```

Layin da ake nema shi ne `Creation Date`, ko `Created`. Na wannan shafin bai kai wata ɗaya da rajista ba, kuma shekara ɗaya tak aka biya. Da na duba sunan kamfanin na gaskiya, an yi masa rajista shekaru masu yawa da suka wuce. Kamfanin da ya daɗe yana da shafinsa ba shi da dalilin buɗe sabon suna a makon jiya don ya karɓi takardun masu neman aiki. Idan sunan ya ƙare da `.ng`, hukumar NiRA ce ke riƙe da rajistarsa, kuma tana da nata wurin bincike. Akwai abu ɗaya da bai kamata ya ruɗa mai dubawa ba: sau da yawa za a tarar an ɓoye sunan mai rajista. Wannan ya zama ruwan dare tun 2018 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, shafukan kirki ma haka suke. Kwanan wata ne abin lura.

Daga nan na koma cikin shafin ina taɓa maɓallai. Na tarihin kamfani, na tuntuɓa, da tambarin Facebook da ke ƙasa, babu wanda ya kai ni ko'ina. Wasu sun dawo da ni saman shafin, wasu ba su motsa ba. Fom ɗin ne kaɗai ke aiki. Sai na cike shi da bayanan ƙarya: suna na ƙirƙira, shekarar haihuwar da ba za ta yiwu ga mai neman aiki ba, da sifiri goma sha ɗaya a gurbin BVN. Nan take ya taya ni murna cewa na cancanta, ya ce in tura linkin ga gurup biyar a WhatsApp, sannan in biya naira dubu uku da ɗari biyar kuɗin tantancewa. Shafin biyan yana kan wannan adireshin dai, yana neman lambar kati, ranar ƙarewarsa, lambobi ukun bayansa da lambar sirri. A Najeriya ba abin mamaki ba ne shafin biyan kuɗi na gaskiya ya nemi lambar sirrin kati, amma yakan kai ka ga adireshin kamfanin biyan kuɗi da aka sani, wanda shi ma za ka karanta shi daga layin karkace zuwa baya. A nan kai tsaye hannun mai shafin bayanan za su faɗa. Dubu ukun nan ba ita suke hari ba. Da katin da lambar OTP da banki zai turo, sai su cire abin da suka ga dama.

A ƙarshe na buɗe shafin kamfanin na gaskiya, na rubuta adireshin da hannuna kamar yadda yake a jikin kayansu. Babu sanarwar ɗaukar ma'aikata a ciki. Na nuna wa Hajiya, ta yi salati, ta ce in rubuta mata gajeren gargaɗi ta mayar gurup ɗin.

Waɗannan gwaje-gwajen suna da iyaka, kuma na ga inda suka gaza. Idan aka ɗora shafin bogi a kan `blogspot.com` ko `web.app`, ko aka yi shi da fom na Google, binciken shekaru zai nuna tsohon suna mai tsabta, domin na Google ne, ba na mai damfarar ba. A nan tambayar ita ce: me zai sa babban kamfani ya karɓi BVN a masaukin kyauta? Haka kuma ana kutsawa cikin tsohon shafin wata makaranta ko ƙungiya a ɓoye shafin bogi a ciki. Shekarun za su yi kyau, amma sunan ba na kamfanin ba ne, don haka karatun adireshi ne ke kama shi. Gwajin bayanan ƙarya ma ba kullum yake aiki ba. Akwai shafukan da ke miƙa abin da ka rubuta ga shafin gaskiya a daidai lokacin, su dawo maka da amsarsa, har su ce kalmar sirrinka ba daidai ba ce. Idan shafi ya karɓi ƙarya, ka kama shi. Idan ya ƙi, ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Binciken Google ma sai da lura, domin sakamakon farko da aka rubuta wa `Sponsored` talla ce da aka biya, kuma masu kwaikwayo suna sayen wannan gurbin.

Akwai masu zuwa shago bayan sun riga sun saka bayanan katinsu. Irin waɗannan ba na tsayawa binciken adireshi da su. Mu kan rufe katin nan take ta manhajar bankin ko ta lambar USSD ɗinsa, mu kira lambar da ke bayan katin, ba wadda ke shafin ba. Idan sun saka kalmar sirri, sai a canza ta a duk inda suka maimaita ta, a fara da imel, domin ta can ake sake buɗe sauran asusu. Ina kuma gaya musu su sa ran kiran waya a kwanaki masu zuwa daga wani mai cewa daga banki yake, zai karanto musu sunansu da BVN ɗinsu daidai, sannan ya nemi OTP don wai ya dawo musu da kuɗinsu. Bayanan da suka cike a fom ne yake karantawa.