Laraba, ranar rubuta wa Alhaji takardar kayan abinci

Yau Laraba, kuma kowace Laraba nake rubuta takardar kayan mako, domin Alhaji, mai shagon da ke sayar wa makarantarmu ta kwana kayan abinci, ya samu Alhamis da Juma'a ya haɗa, ya kawo mana ranar Asabar da safe. Bayan yara sun sha kunu sun shiga aji, na karɓi makullin sito, na ɗauki littafina, muka shiga ni da Inna, wadda ita ce babba a cikin masu dafa mana abinci. Ba na fara rubutu sai na ga abin da ya rage da idona. Shinkafa akwai ta gobe kawai. Garin masara zai kai mu daren Asabar, ba zai wuce ba. Man girki akwai wanda zai kai mu Asabar har rabin jarka ya yi saura. Gishiri da dunƙule ba sa bukatar ƙari wannan makon.

Daga nan na je ofishin shugaban makaranta na karɓi adadin ɗaliban kwana. Su 160 ne, har da biyun da ke kwance da zazzaɓi, domin su ma ana kai musu nasu. A kan wannan adadin nake gina komai.

Lissafin tuwo shi ne babba, shi ya sa nake fara da shi. Kowane yaro ina ware masa giram 200 na gari a dare ɗaya. Samari ne masu tasowa, ƙasa da haka sai ka gan su suna zagaye bakin murhu suna neman ƙanzo. Giram 200 sau 160 ya ba da kilo 32 a kowane dare, kwana bakwai kuwa kilo 224. Amma gari ne wannan, ba tsabar masara ba. Idan aka kai masara inji aka surfa, aka bushe dusa, aka wanke aka shanya sannan aka niƙa, kilo 100 yakan dawo mini kamar kilo 80 in masarar mai kyau ce. Ke nan sai na samu tsaba kilo 280 kafin in cika garin mako. Buhu uku na kilo ɗari-ɗari ya isa, har da ɗan rarar da nake riƙewa saboda baƙi ko ranar da tukunya ta kama.

To, a nan ne maganar take. A kasuwa ana cewa buhu, kowa ya ɗauka kilo ɗari ne, alhali da kwano ake aunawa a cika shi, kuma hannun mai awo ba ɗaya ba ne. Na sha ɗora buhu a kan sikeli in ga kilo 92. Wanda bai saba ba zai ce ai kilo takwas ba wani abu ba ne. Amma buhu uku masu kilo 92 kilo 276 ke nan, garinsu bai cika kilo 221 ba. Sama da kilo uku sun ɓace daga tuwon daren ƙarshe, wato rabon yara goma sha shida. Ba wanda zai kwana da yunwa a fili, sai dai Inna ta rage malmala, kowa ya samu ƙarama, yaro ya tashi daga kwano bai ƙoshi ba kuma bai san dalili ba. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, shi ya sa a takardata ba na rubuta buhu sai na sa kilo a gefensa.

Abu na biyu da ya sa na daɗe a kan takardar yau shi ne lokacin da muke ciki. Oktoba ce, ruwa bai gama ɗaukewa a nan Garwa ta arewacin Kamaru ba, iskar da ke tasowa daga Binuwai har yanzu da laima. Sabuwar masara ta fara shigowa daga Ngong da ƙauyukan wajen Lagdo, ta fi tsohuwa araha, kuma ma'ajin makaranta ya riga ya ce mini in duba ko za mu koma mata. Na fahimce shi, kuɗin da iyaye suka biya ba ya ƙaruwa. Sai dai sabuwar masarar da ba ta bushe ba, ruwa kake saya da kuɗin hatsi. A inji ba ta surfuwa da kyau, tana dagargajewa ta bi dusa, garinta kuma yana dunƙulewa. Mafi muni, in ta kwana uku a sitonmu mai rufin kwano, sai ka sa hannu cikin buhu ka ji ɗumi, daga nan sai fumfuna. Fumfunar masara da ta gyaɗa tana barin guba mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Abin da ba zan ba ɗan cikina ba, ba zan zuba wa 'ya'yan mutane ba.

Tsohuwar ma tana da nata aibin. Wadda ta shekara a ajiye, ƙwari sun huda ta, in ka ɗebo a tafin hannu ka ga 'yan ramuka, ƙasan buhu kuma duk gari. Wata kuma an zuba mata magani, warinsa na bugun hanci da zarar an kwance bakin buhu. Saboda haka ba wai na ƙi sabuwa ina son tsohuwa ba ne. Busasshiya nake so, ko wacce ce.

Alhaji ya turo yaronsa da hantsi da samfurin sabuwar a leda. Na ɗauki ƙwaya na ciza. Busasshiyar masara tana fashewa ne da ƙara, ƙas, ta rabu biyu. Wannan kuwa sai ta lotsa a haƙori, cikinta da taushi. Inna ta zuba kaɗan a kwano ta girgiza, ta ce, "'Yata, ji yadda take magana ƙasa-ƙasa, wannan ba ta sha rana ba." Duk da haka na yi gwajin gishiri don in samu abin nuna wa ma'aji. Na samo kwalba busasshiya, na zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku, na ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, na toshe na girgiza sosai, na ajiye ta ɗan lokaci na sake girgizawa. Gishirin ya manne a jikin kwalbar. In da masarar ta bushe yadda za a iya ajiye ta, da gishirin ya zube ƙasa ya bar gilashin tas. Na kai masa kwalbar ofis, ya juya ta a hannu, ya ce in rubuta yadda na ga ya dace.

Ga abin da na rubuta. Da Hausa nake rubuta wa Alhaji, sannan ma'aji ya cika tasa takardar odar da Faransanci ya buga hatimi, a haɗa su tare.

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Baba Alhaji yana lafiya, da iyali da kasuwa. Ga kayan da muke bukata na mako mai zuwa, na ɗalibai 160.

Masara fara buhu uku, kowane kilo 100, jimla kilo 300. Na ga samfurin da aka aiko, na gode, amma bai bushe ba. Ina roƙon a kawo mana tsohuwa marar huji da warin magani, ko sabuwar da ta sha rana sosai. Shinkafa buhu biyu masu kilo 50, ta Yagwa in akwai. Gero kilo 56 na kunu. Wake fari kilo 50. Man Diyamawor jarka ɗaya mai lita 20, da murfinta a rufe yadda ta fito. Sukari kilo 17.

Don Allah kayan su iso ranar Asabar kafin ƙarfe tara na safe, domin masarar za ta wuce inji a ranar. Za mu auna kowane buhu a gaban yaronka, abin da sikeli ya nuna shi za a rubuta, shi kuma za a biya. Buhun da muka samu da laima ko ƙwari zai dawo a cikin abin da ya kawo shi. A rubuto farashin kowane kaya a bayan wannan takarda kafin a ɗora, domin ma'aji ya shirya kuɗin. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci. 'Yarka, mai kula da abincin ɗalibai."

Sauran lissafin ba shi da wuya. Shinkafa rana huɗu a mako, giram 150 kowane yaro, kilo 96 ke nan, buhu biyu sun rufe. Ina son ta Yagwa, wadda ake nomawa a filayen SEMRY, kamfanin gwamnati mai kula da noman shinkafa a can, don yara na jin daɗinta, ko da yake sai an zauna an tsince ta da kyau. Sauran kwana ukun faten wake ne da dankali. Mai kuwa lita huɗu muke ci a rana, jarka ɗaya da rabin da zai yi saura sun kai lita 30, mako ya fita. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da busasshen kifi ba na sa su a takardar Alhaji. Waɗannan ni da Inna muke zuwa babbar kasuwa mu zaɓa da hannunmu, domin kifi sai an ɓare shi an duba cikinsa.

Maganar Asabar kafin tara ba son raina ba ne. Surfe, wanki, shanya da niƙa suna cin yini guda da rabi in rana ta fito, kuma tuwon daren Lahadi daga sabon garin zai fito. In kaya suka iso da la'asar, ko hadari ya haɗu, sai dai a niƙa da danshi, garin ya yi tsami kafin tsakiyar mako.

Na ɗan tsaya a kan layin da na ce buhu zai koma. Alhaji dattijo ne, a shekaru ya haife ni, kuma lokacin da kuɗin makaranta suka yi jinkiri bara bai tsayar mana da kaya ba ko sau ɗaya. Ba na son ya ji kamar ina zarginsa. Amma shi ma saye yake a hannun wasu, ba shi ke cika buhunan ba, kuma in sharaɗin yana rubuce yana da abin da zai nuna wa masu kawo masa. Na bar layin yadda yake, na dai ƙara "don Allah" a farkon sakin.

Bayan azahar na ba mai gadi takardar ya kai shago a kan babur, na kuma ɗauki hotonta na tura wa ɗan Alhaji ta waya, saboda takarda takan ɓata a cikin aljihu. Da la'asar Alhaji ya kira. Ya ce, "Hajiya, kin ƙi masarata." Na ce, "Baba, ba ƙi na yi ba, rana nake nema mata." Ya yi dariya ya ce yana da tsohuwa buhu biyu masu kyau, na ukun kuma zai sa a baje sabuwa a kan tamfol gobe da jibi, amma kuɗin tsohuwar ya ɗara. Na ce ya rubuto, zan kai wa ma'aji. Na kuma roƙe shi a sa wa buhun sabuwar alama da gawayi, don shi za mu fara niƙawa, kada ya kwana a sito.

Da yamma mun yi tuwo da miyar kuka, yara biyun da ke kwance ɗaya ya ci, ɗayan kunu kawai ya iya sha. Na sa an share sito, an ɗaga katakan da muke ɗora buhuna a kai an fitar da su waje su sha iska. Gobe da safe zan gwada sikelin da buhun sukari na kilo biyar da ba a buɗe ba, in tabbatar bai karkace ba kafin Asabar, sannan in aika wa mai inji ya riƙe mana layi.