Alhamis, 20 ga Fabrairu: ranar dawowa aiki

Yau dai na miƙa takardar hutun jinyar nan a ofis, bayan kwana uku ina jujjuya fom ɗin a jaka kamar wadda aka ba ajiyar maciji. Gida ɗaya ne tak ya tsayar da ni, inda aka rubuta ranar dawowa aiki. Ranar farawa kam na sani, Litinin 3 ga Maris za a ɗaura min ruwan farko. Amma dawowa? Ko likitan da ke duba ni bai sani ba balle ni.

Ranar Talata abin da na rubuta a wurin shi ne "har sai na samu sauƙi", ni a ganina gaskiya na faɗa. Hajiya ta sashen kula da ma'aikata ta duba, ta turo min shi ta kan tebur ta ce ƙanwata wannan ai addu'a ce, amin, amma kwamfuta ba ta karɓar addu'a, kwanan wata take so. Raina ya ɗan ɓaci lokacin. Sai da na dawo gida na ga tana da hujja, don wanda zai riƙe min aiki dole a faɗa masa wata nawa zai yi, masu albashi su ma sai sun san watan da za su canza lissafi.

Jiya na koma wurin likita. Wannan karon ban ce masa yaushe zan warke ba, na riga na gane babu likitan da zai sa hannu a kan wannan. Cewa na yi likita, in komai ya tafi daidai sati nawa, in kuma abu ya ja sati nawa? Nan take ya jawo takarda. Kimo ɗin, wato ruwan maganin kansa da za a riƙa ɗaura min, zagaye shida ne, kowane zagaye kwana 21, sati 18 ke nan, sai sati biyu a kai kafin jiki ya iya zaman ofis, ya zama sati 20. Daga 3 ga Maris ya faɗa 21 ga Yuli. Wannan shi ne mafi kusa. Ɗaya gefen kuma, bayan zagaye na huɗu za a yi sikanin, wato hoton cikin jiki, in aka ga da saura za a iya kai shi zagaye takwas, sati 24. Sannan kafin kowane zagaye sai an gwada jini, in fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa ba za a ɗaura ba, ɗagawa ake yi, yawanci da sati guda, ya ce mu ƙaddara hakan ya faru sau biyu. Da sati biyun hutawa ya zama sati 28, wato 15 ga Satumba. Ya ce wannan ma kiyasi ne ba alkawari ba, na ce na ji.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wace rana zan sa a gidan nan guda ɗaya. Zuciyata ta fi son 21 ga Yuli, saboda kunya nake ji oga ya ga wata shida da rabi a rubuce, kar ya fara tunanin ko ba zan dawo ba. Yaya ce ta hana ni a waya da daddare. Ita ta taɓa yin jinyar ƙafa bayan tiyata, ta rubuta sati shida don kar a ga ta cika, abu ya kai sati goma sha huɗu, sau uku tana neman ƙari kuma kowane ƙari sabon fom ne da sabuwar takardar likita. A na ukun takardar ta makara da kwana biyar, aka rubuta kwanakin a matsayin fashin aiki babu izini, aka yanke mata albashi, tana kwance tana bin mutane a waya. Ta ce ke dai sa ta ƙarshen, dawowa da wuri imel ɗaya ne kuma kowa murna zai yi, neman ƙari kuwa lokacin da kike amai ba ki ko iya riƙe biro za ki yi shi.

To haka na yi. A fom na sa 15 ga Satumba, sai na haɗa da wasiƙa gajera, ga abin da na rubuta bayan gaisuwa:

"Ina neman hutun jinya daga Litinin 3 ga Maris. Bisa kiyasin likita, zan dawo aiki tsakanin 21 ga Yuli da 15 ga Satumba, gwargwadon yadda magani ya tafi. Ranar 2 ga Yuni zan aiko da sabon bayani daga likita wanda zai taƙaita wannan tazara. Zan sanar da ku ranar dawowata aƙalla sati biyu kafin na dawo. Idan ya bayyana jinyar za ta wuce 15 ga Satumba, zan nemi ƙari a rubuce kafin ranar ta cika."

Ranar 2 ga Yunin nan ba haka kawai na ɗauko ta ba. Zagaye na huɗu 5 ga Mayu ne in ba a ɗaga ba, sai sikanin, sai jiran sakamako, na bar ɗan fili ko da an samu jinkirin sati ɗaya. Da na fara cewa zan riƙa ba su labari duk sati, Hajiya ta ce kar ki ɗaure kanki da abin da ba za ki iya ba, sa rana ɗaya da kika san za a samu sabon labari a cikinta. Kuma wallahi layin nan ne ya kwantar wa oga hankali, ina kallonsa ya ja layi a ƙarƙashinsa, ya ce to wanda zai riƙe aikin za a ba shi zuwa ƙarshen Yuli, a Yuni sai a ga ko za a ƙara masa.

Saura kaɗan in yi kwaɓa ɗaya. Takardar da likita ya fara ba ni cewa ta yi "kimanin wata biyar", wasiƙata kuma tana cewa har Satumba, ka ga sun saɓa, kuma in suka saɓa ta likita ake bi. Da safe sai da na biya aka sake rubutawa, sati 20 zuwa 28 daga 3 ga Maris, daidai da tawa. Na roƙa kar a sa sunan ciwon, an rubuta dai ina karɓar magani na dogon lokaci da ba zan iya aiki a cikinsa ba. Oga bai tambaya ba ni ma ban faɗa ba, Hajiya ce kaɗai ta sani.

Maganar albashi ce ba ta yi daɗi ba. A takardar ɗaukata aiki, hutun jinya wata uku ne da cikakken albashi, wata uku da rabi, bayan nan babu. Wato ko da na dawo a rana mafi kusa sai na ci kusan sati bakwai a rabin albashi, in kuma ya kai Satumba akwai kwana goma sha biyun ƙarshe da ba ko sisi. Na tambaya ko za a cike su da hutuna na shekara da ban taɓa ba, ta ce ana yi amma in rubuta shi daban, kar in cusa a wasiƙar nan a rikita lissafi. Gobe zan rubuta in sha Allah.

Na sa an buga min hatimin "an karɓa" a kwafi ɗaya, na ɗauke shi hoto na tura wa Yaya, don ita za su kira in ban ɗaga waya ba. Na kuma sa ƙararrawa a wayata da tata ranar 26 ga Mayu, sati guda kafin ranar da na yi alkawari. Ƙarfe takwas na safe ake son in je gwajin jini, bari in kwanta.