Godiya ga ma'aikatan injinmu, da maganar shanya

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar muka yi zaman rufe shekara a harabar inji. 'Yan aikin dare ba su samu zuwa ba, direbobi biyu kuma suna hanyar Hadejiya, shi ya sa na rubuto abin da na faɗa a nan, kada wani ya ji a bakin wani an ƙara masa gishiri.

Alhamdu lillahi, mun fita shekarar ba wanda bel ya ci wa yatsa, ba wanda tururi ya ƙona. 'Yan dako, masu gumi, masu ɗinkin buhu, da Baba mai gadi wanda ya riga kowa ganin hayaƙi a tarin ɓuntu cikin dare ya tada mu, Allah ya saka muku da alheri. Amma godiyata ta musamman ga iyayenmu mata masu shanya take, kuma ga dalili.

Kun tuna kayan da dillalinmu na Dawanau ya dawo mana da su a watan Agusta. Mun yi gumin shanshera, hadari ya hana ta bushewa kwana biyu, shi kuma yana ta kira. Hajiya shugabar masu shanya ta ɗauki ƙwaya ta ciza, ta ce mini: "Manaja, wannan ba ta yi ba, ba ta ce ƙas ba." Na ce mata an riga an karɓi kuɗin mutum, a zuba a inji. Tun daga bakin inji aka ga alama: ɓuntu yana maƙalewa, dusa tana dunƙulewa a rariya. Bayan mako biyu buhunan suka fara warin gumi, farar shinkafa ta dishe. Laifina ne, na faɗa jiya a gaban kowa, ina kuma maimaitawa. Hajiya, ki yafe mini. Ku kuka zazzage buhunan nan kuka sake bazawa a tamfol, kwana uku kuna wasan ɓuya da ruwan sama, ba wadda ta ce mini "ai na faɗa maka".

To daga nan aikin baɗi zai tashi. Mun sayo na'urar auna danshi guda biyu, ɗaya a wurin sikeli, ɗaya a filin shanya. Shanshera ba za ta shiga inji ba sai danshinta ya sauko kashi 14 cikin ɗari, ko da ni ne na ce a zuba. Haƙorin Hajiya bai yi ƙarya ba, amma haƙori ba ya ba da lambar da za a rubuta a littafi a nuna wa manaja mai gaggawa.

Wurin saye ma haka. Wasu manoman suna ganin muna cutarsu idan muka rage farashin ɗanyar shanshera, don haka masu awo ku riƙe lissafin nan ku yi musu bayani. Buhu mai kilo 100 da danshinsa yake 20, ainihin shinkafar da ke ciki kilo 80 ce, sauran ruwa. Idan ta bushe zuwa 14, buhun zai koma kusan kilo 93. Kilo 7 ɗin nan ruwa muka saya, rana ta shanye. A buhu ɗari, buhu bakwai ke nan. A auna a gaban mai kaya, ya ga lambar da idonsa.

Sai dai bushewar ma tana da iyaka, kuma yanzu da hunturu ne ake faɗawa wannan ramin. Shinkafar gumi tana fitowa jiƙe sharkaf, danshinta ya haura 30. In aka bar ta a rana tun safe har yamma ba hutu, bayan ƙwayar yana bushewa cikinta da sauran ruwa, sai ta tsage ciki. Ido ba ya gani sai ta shiga inji ta fito karyayya, karyayya kuwa kun san kuɗinta a kasuwa. Saboda haka shanya zango biyu za a riƙa yi. A baza ta ba kauri, ana juyawa, in ta sauko wajen 18 a tara ta a inuwa a rufe ta kwana, danshin ciki ya fito ya daidaita, washegari a ƙarasa. Na san ƙarin wahala ce, kwasa biyu maimakon ɗaya. Na yi magana da Alhaji mai inji, ya amince a riƙa biyan kwasa ta biyu daban.

Rumfar da kuka daɗe kuna roƙo, za a fara kafa ta bayan an gama sayen kayan kaka, don ta riga damina. Sabon injin cire tsakuwa kuwa ban yi alkawari ba, sai mun ga yadda kuɗin wuta da na dizal suka bar mu.

Wanda bai karɓi rabonsa na shinkafa ba ya ga mai sito kafin Alhamis. Masu awo da masu shanya, ranar Asabar ƙarfe tara za mu haɗu a filin shanya a koyi riƙon na'urar, kowa ya zo da biro. Allah ya kai mu lafiya.