Fanel shida da na ɗora a Agege, da abin da sitikar bayansu ta koya mini

Aikina haɗa sola ne a Legas, kuma yawancin kayan da nake ɗorawa daga kasuwar Alaba suke fitowa. Mai zaune a Agege ya san abin da zuwa Ojo yake ci na lokaci, shi ya sa da yawanmu muka koma ciniki ta hoto. Mai shago ya turo hoton fanel ta WhatsApp, ka duba, ka biya, a ɗoro maka a mota. Ta wannan hanyar na taɓa sayo wa wani dattijo mai shagon kayan sanyi fanel guda shida, kowanne da sitika a bayansa an rubuta wat 500.

Bayan mako biyu ya kira ni. "Malam, firizan nan ba sa kai dare. Ka zo ka duba mini." Na je da tsakar rana, sama garau, na tsaya gaban kwanturola, na'urar da wutar fanel ke bi kafin ta shiga batir. Abin da ke shigowa bai wuce wat 1,600 ba.

Na san fanel na gaskiya ma ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa idan yana kan rufi. Lambar sitika ta ɗakin gwaji ce, inda ake haska masa wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafinsa kuma digiri 25. A kan kwanon Legas fanel yakan kai digiri 60, zafin kaɗai ya cinye fiye da kashi 10 cikin ɗari, ga ƙura ga asarar waya. Don haka daga wat 3,000 da na samu wajen 2,400 da hankalina ya kwanta. Amma 1,600 ya yi nisa.

Na hau rufin, na kwance fanel ɗaya, na karanta sitikar layi-layi, abin da ya kamata in yi tun a hoto. Layin sama, `Pmax`, wato iyakar ƙarfin fanel a wat, ya ce 500. A ƙasa `Vmp`, wato bolt ɗinsa a cikakken aiki, ya ce 37.2, `Imp`, wato amfiyarsa a cikakken aiki, ya ce 8.87. Ƙarfin fanel ba wani abu ba ne illa waɗannan biyun idan aka ninka su:

```
Pmax = Vmp x Imp
37.2 x 8.87 = 330
```

Wanda ya buga sitikar layin sama kawai ya canza, ya bar sauran lambobin na fanel mai wat 330 yadda suke. Shida sau 330 ya ba da 1,980, a cire asarar zafi, ga 1,600 ɗin da nake gani. Fanel ɗin lafiyarsu ƙalau, suna yin iyakar ƙoƙarinsu. Ƙaryar tana jikin takarda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan sitikar tana cikin hoton da aka turo mini tun farko, lambobin a fili, kuma dattijon nan amanar kuɗinsa ya ba ni.

Da na koma gida na sake buɗe hotunan, sai na ga fuskar fanel ɗin ma ta faɗi gaskiya. Sel ɗinsa, wato ƙananan gidajen nan da ke jere a ƙarƙashin gilashi, shuɗaye ne masu walƙiya kamar fasasshen ƙanƙara, kusurwoyinsu a cike. Wannan siffar tsohon nau'in foli ce. Na ƙirga su: shida a faɗi, goma sha biyu a tsawo, 72 ke nan, kowanne da layukan azurfa masu kauri guda huɗu. Sel irin wannan, mai faɗin milimita 156, amfiya tara ko kusa da haka yake iya bayarwa, komai sunan da aka liƙa masa. Fanel mai wat 550 da ake yayi yanzu ba haka yake ba. Baƙi ne, sel ɗinsa rabi-rabi ne guda 144, akwai tsaga a tsakiyarsa da ta raba sama da ƙasa, layukan azurfarsa sirara ne masu yawa, tara ko fiye, a baya kuma ƙananan akwatunan waya uku ne a jere a tsakiya. Wanda na sayo kuwa akwati ɗaya ne babba a can sama.

Girma shi ne shaidar da na fi dogara da ita yanzu, domin ana iya gyara duk lambobin sitika su dace da juna, amma ba a iya ƙara wa gilashi faɗi da inji mai buga takarda. Fanel ɗin dattijon tsawonsa milimita 1,956 ne, faɗinsa 992, wato murabba'in mita 1.94. Don ya ba da wat 500 sai ya juya kusan kashi 26 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, alhali foli a ƙasa da kashi 20 yake tsayawa. Mai wat 550 na gaskiya yakan kai milimita 2,278 da 1,134, ingancinsa kashi 21 da ɗoriya. Lissafin da nake yi a ka shi ne, kowace murabba'in mita ta fanel mai kyau wat 200 zuwa 230 take bayarwa. Abin da ya zarce wannan sosai, sai an nuna mini dalili.

Rubutun sitikar ma yakan tona asiri, ko da yake ba na yanke hukunci da shi kaɗai. Kalmar Turanci da aka ɓata harafinta, layin `Pmax` da baƙinsa ya fi na sauran kauri, gefen wata tsohuwar sitika yana leƙowa ta ƙasa, ko babu lambar samfuri da za ka nema a takardar bayanan kamfanin. Manyan masana'antu sukan sa lambar siriyal a ƙarƙashin gilashi ta gaba, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ya kamata ta zo ɗaya da ta baya. Sai dai na ga sitika mai tsabta a kan fanel na bogi, don haka kyawun bugu ba ya wanke kaya.

Inbata kuma tata dabarar daban. Wani lokaci ba ƙarya ce tsagwaronta ba, babbar lambar da ke kan kwali ta ƙarfin 'yan daƙiƙu ce, ainihin wanda za ta ɗauka duk yini yana can a ƙaramin rubutu. Akwai kuma bambancin `kVA` da `kW`: mai 3.5 `kVA` da aka rubuta mata `PF 0.8`, ana ninka 3,500 da 0.8 ne, wato wat 2,800 ce. Idan na ga an ce wat 5,000 a kan batir mai bolt 12, sai in duba wayoyinta a hoto. Wannan ƙarfin yana jan fiye da amfiya 400, wayar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba kuwa ba za ta ɗauka ba.

Hoto yana da iyaka. Ba ya nuna tsagewar da ke cikin sel, kuma ana iya turo maka hoton wani fanel a loda maka wani. Shi ya sa yanzu nake neman hoto huɗu kafin in biya: fuska gaba ɗaya yadda zan ƙirga sel, sitika kusa-kusa, lambar cikin gilashi, da tef ɗin awo shimfiɗe a tsawonsa. Idan kaya sun iso, kafin su hau rufi nakan auna `Voc` da `Isc` a rana, wato bolt ɗin fanel idan ba a jona masa komai ba, da amfiyarsa idan aka haɗe wayoyinsa biyu. Bolt kaɗai ba ya isa, domin mai wat 330 da mai 550 duk tsakanin 45 da 50 suke nunawa. Amfiya ce ke raba su: ɗaya wajen tara, ɗaya wajen goma sha huɗu.

Na koma wurin dattijon na zayyana masa komai a kan takarda. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu ya za a yi, ɗana?" Na ce, "Baba, laifin dubawa nawa ne." Mai shagon Alaba da ya sayar mini ya ƙi karɓar kayan, ya ce an riga an ɗora su. Na sayo fanel uku masu wat 330 na gaskiya daga aljihuna, na mayar da jerin ya zama uku-uku sau uku, na sake aunawa da tsakar rana. Kwanturola ta nuna wat 2,350.