Katan ɗin titus da azahar

Yau da azahar a kasuwar ƙauyenmu ta wajen Ringim, wani mai kifi ya buɗe katan ɗin titus, ƙanƙararsa ta narke tun hantsi, ruwa mai jini-jini na ɗiga daga gindin kwalin. Na danna ɗaya da yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. Idon ya faɗa ciki ya dushe, na ɗaga murfin kunnensa na ga jan ya koma ruwan ƙasa, ga yauƙi, cikin ya yi laushi yana neman fashewa. Na ce, "Malam, wannan ya juya." Ya ce ai mai zai sha, suya na kashe komai.

To, suya na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa gubar da suka riga suka bari. Titus da sadin da tuna namansu na da sinadarin histidin da yawa, da zarar sun yi ɗumi sun haura digiri 4 ƙwayoyin sai su fara mayar da shi histamin, wato gubar da nake nufi, a irin zafin nan kuwa sa'o'i kaɗan sun isa. Banda ba ta cire shi, mayarwa firiza ma haka. Wanda ya ci, cikin mintuna zuwa sa'a biyu zai ji baki na raɗaɗi kamar ya tauna barkono, fuska ta ɗau zafi, sai borin jini, ciwon kai, bugun zuciya, wani har gudawa. In numfashi ya fara sarƙewa, asibiti kai tsaye. Abin da ya fi damuna, wani kifin yana tara gubar tun kafin ya fara wari.