Wasiƙar da na rubuta wa Hajiya da ciniki ya ja baya a wata na biyu

Hajiya tana sayar da atamfa da leshi a Kano, ni kuma nake kula mata da talla a Facebook da Instagram, irin wadda idan mutum ya danna sai ta kai shi WhatsApp ɗin shago. Naira 10,000 muke kashewa kullum, wato 300,000 a wata. A watan farko mutum 600 suka yi magana, 60 suka saya. A wata na biyu, da kuɗin nan dai, mutum 400 suka yi magana, 28 kacal suka saya.

Ban taɓa wasiƙar ba sai da na raba asarar gida biyu. A watan farko, cikin kowane mutum goma ɗaya yana saya. Da haka abin ya ci gaba, mutum 400 za su ba da ciniki 40. Ke nan daga 60 zuwa 40, masu saye 20 a wajen talla suka zube, wato a hannuna. Daga 40 zuwa 28 kuwa, sauran 12 ɗin bayan sun shigo WhatsApp aka rasa su, wato a shago. Wannan ɗan lissafin shi ne ƙashin bayan wasiƙar, domin idan ba a raba ba, kowa ɗan'uwansa zai ɗora wa laifi.

Na so in ce kasuwa ce ta yi sanyi ko talla ta yi tsada. Sai na buɗe Ads Manager, shafin da ake sarrafa tallar Facebook, na duba CPM, wato kuɗin nuna talla sau dubu, na ga bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne Frequency, yawan lokutan da mutum guda ya ga tallar: daga 1.9 zuwa 4.2. Bidiyo biyu rak na bari suna yawo a gaban mata 'yan shekara 25 zuwa 45 a cikin birnin Kano, har ido ya gaji da su. Na ƙara da gangancin sauya kasafi da masu kallo sau uku cikin mako biyu. Duk babban sauyi yana mayar da tallar matakin Learning, inda manhajar ke neman sakamako kamar 50 cikin kwana bakwai kafin ta daidaita.

Don haka da nawa laifin na buɗe:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa, cinikin da talla ta kawo ya sauka daga 60 zuwa 28, kuma kuɗin samun mai magana guda ya tashi daga naira 500 zuwa 750. Kaso mafi girma daga wajena ne: ban sauya bidiyo a kan lokaci ba, sannan na riƙa taɓa tallar kafin ta zauna."

Bayan nan ne na kawo batun shago, kuma ban kira sunan yaran da ke riƙe da wayar ba. Na ɗauko hira 50 daga cikin waɗanda ba su saya ba. A 19 sai da aka haura awa uku kafin a amsa, a 11 kuma kalar da ke cikin bidiyon ta riga ta ƙare. Lambobin kawai na rubuta. Hajiya ta fi ni sanin wanda za ta yi wa faɗa.

Sabon tsarin bai nemi ƙarin ko kwabo ba, don neman ƙarin kuɗi a wasiƙar da ke ɗauke da labarin asara yana zubar da sauran maganar. Na ce naira 8,000 za su tafi babbar talla, 2,000 kuma gwajin sabbin bidiyo huɗu masu daƙiƙa 15, da kayan da ke shago a makon. Za mu faɗaɗa zuwa Kaduna, Zariya da Katsina, tunda dama tana aika kaya ta tasha. Ba zan taɓa tallar ba sai ta cika kwana bakwai, kuma duk bidiyon da Frequency ɗinsa ya wuce 3 a mako zan sauke shi. Daga shago abu biyu na roƙa: a amsa saƙo cikin minti 15 daga tara na safe zuwa tara na dare, sannan kowace Litinin a turo mini jerin kalolin da suka rage.

Ban yi alkawarin yawan ciniki ba, tunda rabinsa ba a hannuna yake ba. Abin da na ɗaure kaina da shi kuɗin mai magana guda ne: idan zuwa rana ta 14 bai sauko ƙasa da naira 600 ba, za mu rage kashewa zuwa rabi mu sake zama.

Kuskure ɗaya na yi a daftarin farko: na cika shi da hotunan Ads Manager har shafi huɗu. Na cire su duka, na bar shafi guda, kuma na kira ta a waya kafin in aika, don kada ta fara ganin 28 ɗin a rubuce.